Bugu Uku da Shiru Ɗaya

Daren Lahadi ne, ba a jima da idar da sallar isha'i ba, Rifkatu ta ji wani sauti da ba ta taɓa jin irinsa ba a unguwar Gawon Nama. An ɗauke wuta tun la'asar, zafi ya koro kowa tsakar gida. Tana zaune bisa tabarma, littafin tsara darasi a kan cinya, fitilar waya a haƙora, sai abin ya taso kamar daga ƙarƙashin ƙasa: dum, dum, kas-kas, sai shiru. Ya sake: dum, dum, kas-kas, shiru. Ba ganga ba ce, don ganga tana da murya. Ba kuma za a ce daka ba ne, don daka yakan girgiza bango har kwanuka su amsa. Wannan kamar an toshe masa baki da tsumma.

"Yaya Gloria, kina ji?"

Yayarta, ma'aikaciyar jinya wadda ta kwana aiki ta wuni aiki, ba ta ko buɗe ido ba. "Aljanun unguwa ne ke biki. Ki rubuta abinki, Rifi."

Babu abin da ta rubuta sai kwanan wata da sunan aji. Rifkatu ɗaliba ce a kwalejin horas da malamai, an tura ta koyarwar gwaji a wata makarantar jeka-ka-dawo kusa da Ƙofar Taramniya, tana ɗaukar darasin al'adu da fasaha a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ranar Laraba malamin kwaleji zai zo ya zauna a bayan aji ya ba ta maki. Bara ma an zo. Wancan karon ta cika allo da bayani tun daga sama har ƙasa, yara suka kwafa minti arba'in, mai dubawa ya ba ta talatin da huɗu, alhali arba'in ake nema. Dokar kwalejinsu kuwa ba ta da kwana: wanda ya faɗi sau biyu, an sallame shi. Shekara uku ke nan da ta baro garinsu Kagoro saboda takardar nan.

Abin da manhaja ta ɗora mata a wannan mako shi ne kari, wato yadda bugu ke bin bugu a kan awo, wani dogo, wani gajere, wani wuri a bari fayau. Abu ne da ba a koyar da shi da alli kaɗai. Sai hannu ya yi, kunne ya ji, sannan ido ya ga alamarsa.

Litinin da safe mataimakin shugaban makaranta, Malam Sa'ad, ya buɗe mata ɗakin ajiya. Mutum ne siriri, ba ya rabuwa da tsumagiya ko da ba zai daki kowa ba. Suka tarar da gangar fareti guda, fatarta a yage, ɓera ta haihu a ciki. Akwai sarewar roba mai tsaga. Akwai kuma wani zoben katako mai faifan ƙarfe, irin wanda ake kaɗawa a coci, faifai biyu kacal suka rage masa.

"Ga kayanki nan, Malama," in ji shi. "Ɗiya nawa ag gare ki?"

"Saba'in da ɗaya."

"To, Allah shi ba da sa'a."

Ba ta karaya ba. A kwaleji an koya musu cewa jiki ma kayan kiɗa ne. Ajin na da darasinta sau biyu a mako, Litinin da Laraba, don haka ta ce bari ta gwada yau. Ta tsaya gaban allo, maza a dama, mata a hagu, ta ce, "Zan tafa, ku maimaita abin da kuka ji." Ta tafa hannu sau huɗu.

'Yan mata suka amsa, har da ƙari. Wata a baya ta karya kafaɗa, nan take abin ya nemi komawa gaɗa. Ɓangaren maza kuwa ko motsi. Hannaye a harɗe, idanu a kan mutum ɗaya, Junaidu, shugaban aji, yaro mai farar hula da tsabtar farce, ɗan wani gidan malamai na cikin gari. Ya miƙe cikin ladabi.

"Malama, taɓi aikin mata na. Mu ba mu yi."

"Kai Junaidu, ba jiya-jiya kuka tafa wa wanda ya ci tambaya ba?"

"Wancan yabo na, Malama. Wagga gaɗa ta."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. A garinsu Rifkatu dattawa masu furfura ke tafi a coci har gumi ya jiƙa musu riga, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai tafin maza da na mata. Ta juya wajen maza. "To, maza ku bugi tebur."

"Gidanmu ba a kiɗi," in ji Junaidu. "In Baba ya ji an sa ni buga tebur kamar maroƙi, gobe shina ofis."

Yara wajen goma suka gyaɗa kai, har da mata. Amma 'yan bencin baya, waɗanda dama neman hanya suke, suka afka wa teburan da duka hannu biyu. Aji ya kaure. Ta ce a tsaya, ba wanda ya ji ta. Ta ɗaga murya, ƙarar ta haɗiye muryar. A nan ta gane ta kunna abin da ba ta tanadi makashinsa ba.

Tsumagiya ta sauka a ƙofa, tas. Kowa ya daskare.

"Kasuwa ta ko makaranta?" Malam Sa'ad ya jawo ta baranda, ya sassauta murya, abin da ya fi tsawa ban tsoro. "Ranar Laraba 'yan aji uku na jarrabawar gwaji bayan bangon ga. In nij ji ƙara, ko baƙonki na zaune, ni ka shigowa in tsai da darasin. Kuma tsarinki sai na gane shi gobe kahin a tashi. In ban sa hannu ba, ba ki shiga aji."

Da yamma ta zauna da takarda tana jera abubuwa tana sokewa. Tafi, ta soke. Tebur, ta soke. Fito, ta rubuta ta soke tun tawada ba ta bushe ba, don ta san abin da za a ce yana kira. Gloria na yankan albasa tana jefo shawara.

"Ki roƙi Fasto ya ara miki gangunan matasa."

"In shiga makarantar nan da gangar coci? Yaya, kina so in dawo gida kuwa?"

"To robar ruwa. Ki zuba tsakuwa, kowa ya kaɗa."

"Guda saba'in da ɗaya, bango ɗaya da masu jarrabawa. Kuma Junaidu zai ce cakin makaɗa ne."

"Wannan Junaidun shi ne shugaban makarantar?"

"Ya fi shi."

Gloria ta share hawayen albasa da bayan hannu. "Ki koma wa allonki mana. Ki yi bayani mai kyau, ki zana musu alamomin."

"Shi ya kashe ni bara."

Bayan isha'i sautin ya dawo. Dum, dum, kas-kas, shiru. Wannan karon Rifkatu ta lura ƙafarta tana binsa ba da izininta ba: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu cif, ba ya gaba ba ya baya. Ta ja mayafi, ta bi bango da kunne har ƙofar maƙwabciyarsu, Inna Zulaihatu mai fura, ta yi sallama.

Abin da ta gani ya isa a tsaya a kalla. Turmi ne, amma an ɗora shi bisa buhun yashi, an naɗe cikinsa da tsohon bargo an ɗaure da igiya, kamar mai jin sanyi a tsakiyar bazara. Inna da jikokinta biyu suna lugude. Inna ta sauke taɓarya, babbar jikar ta sauke tata, ƙaramar, Sadiyatu, wadda ke ajin Rifkatu, ta ƙwanƙwasa bakin turmi sau biyu da sauri. Sai dukansu suka saki taɓaren a iska, suka buɗe tafin hannu, suka cafe.

"Malama, shigo. Mun hana ki kwana ko?"

"A'a, Inna. Me ya sami turmin?"

"Turmi lahiya tai lau. Malam na ba shi da lahiya." Ta nuna ɗakin maigidanta da haɓa. "Ciwon kai. Ko cokali yaf faɗi sai ya yi nishi. Da rana kuma wa ka iya daka cikin wutar ga? Shi na munka yi mai gado."

"Wurin da kuke sakin taɓarya fa, ba ku yin komai?"

"Wurin taɓi na. Da can sai mu taɓa hannu sannan mu cahe. Yanzu saboda Malam mun bar taɓin, amma wurin nai na nan. In kic cinye shi, taɓare su yi karo, wata ta rasa haƙori."

Rifkatu ta ƙirga a zuci. Bugu ɗaya, bugu ɗaya, bugu da aka raba biyu, sannan shiru mai tsawon bugu ɗaya. Duk abin da manhaja ke nema yana nan a tsakar gidan mai fura. "Inna, ki ara mini taɓare ranar Laraba. In raba yara uku-uku, maza da mata..."

Inna ta toshe baki da zane don kada dariya ta tashi mara lafiya. Jikokin suka durƙushe.

"Namiji da taɓarya! Malama, ashe ba ki son aikin ga. Wanda yaƙ ƙi taɓi shi ka daka? Uwayensu maza har gida za su iske ki."

Kunya ta rufe Rifkatu. Sau biyu ke nan a yini ɗaya. Ta juya za ta fita, Inna ta riƙo mayafinta.

"Tsaya. Su matan ma ba su buƙatar icce. Ni da haka nika koya ma ɗiya tun ba su iya ɗaga taɓarya ba." Ta buɗe tafin hagu kamar ƙoƙo, ta dunƙule dama ta saka a ciki. Wani ɗan sauti ya fito, mai taushi, kamar an jefa dunƙulen fura a gari. "Ga turmi, ga taɓarya."

Rifkatu ta gwada. Ko mutum saba'in suka yi shi tare, da wuya ya tsallake bango. Matsalar ƙara ta kau, ta mata ta kau. Saura maza talatin da takwas.

Talata da safe, a cikin keke, tana ta dunƙule hannu tana bugawa a tafi har mai keken ya leƙo ta madubi. Cunkoso ya tsayar da su daidai rumfar wani maƙeri. Shi da ɗan'uwansa suna dukan jan ƙarfe, wannan ya sauke guduma, wancan ya sauke, ba mai kallon wani. Ta dubi hannunta. Dunƙulen nan da Inna ta kira taɓarya, in an ce guduma ce, wa zai musa? Tafin hagu kuma uwar maƙera. Motsi ɗaya ne, suna biyu.

Duk lokacin hutu ta ƙare shi a ɗakin malamai tana rubutu. Manufa: kafin a tashi, ɗalibi ya iya riƙe bugu huɗu ba tare da ya yi sauri ba, ya bambance cikakken bugu da rabinsa da shiru, ya karanta su a rubuce. Minti biyar na farko ta ba wa abin da ya kayar da ita jiya, wato alamar tsayawa, da dasa awo da diddige. Minti goma, ta yi su maimaita, ba rubutu ko ɗaya. Minti goma, ta fito da alamomi. Minti goma, maza da mata su yi ba-ni-in-ba-ka. Biyar na ƙarshe, gwaji. Ta samo kwalin taliya daga mai shagon bakin ƙofa ta yanka gida shida. A biyar ta zana jeri daban-daban: sanda mai baƙin kai, bugu ɗaya, sanduna biyu da aka haɗa da gada, bugu ɗaya a raba biyu, da wata alama mai lanƙwasa kamar walƙiya, ita ce shiru. Na shida ta shafe shi da jan alli, shi ne alamar tsayawa.

Malam Sa'ad ya karanta tsarin sau biyu, yana bin layi da bakin tsumagiya.

"Daka da ƙira. Kin koma malamar sana'a?"

"Kari nake koyarwa, Malam. Da su zan shiga."

"Yi in ji." Ya fita ya ja ƙofa, ya bar ta ita kaɗai a ofis tana buga dunƙule a tafi kamar mai taɓin hankali. Ya dawo. "Ke ɗaya ta. Saba'in fa?"

"In ya yi yawa, ga jan kwali."

"Waɗanda sunka ce gidansu ba a kiɗi fa? Ban ga wurinsu ba cikin takardar ga."

"Ai wannan ba tebur ba ne, ba tafi ba ne."

"Junaidu ba wawa ba na, Malama. Kuma kak ki tilasta mai. Kakanai ya karantar da ni." Ya riƙe biro a sama, sannan ya sa hannu. "Ina baranda gobe."

Laraba, darasi na uku. Mai dubawa, Dakta Habibu, ya iso saura minti biyu, gajere mai tumbi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya karɓi littafinta ba gaisuwa, ya zauna a kujerar baya, ya buɗe takardar maki. Ta bayan bango ana jin mai sa ido na cewa 'yan jarrabawa su fara.

Rifkatu ta ɗaga jan kwali. "In kun ga wannan, kowa ya zama dutse. Mu gwada. Ku yi surutu." Suka yi, da murna. Ta ɗaga. Sai da aka yi sau uku kafin shirun ya faɗo lokaci ɗaya. Sannan ta fara takawa a gaban allo a hankali, kamar mai rakiyar tsohuwa. "Diddige kawai, yatsu na ƙasa. Maza, fareti. Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Simintin ajin ya daɗe da farfashewa, rairayi ya cike ramukan, ya shanye ƙarar. Diddige saba'in suka sauka tare.

"Mata, ga turmi ga taɓarya. Maza, ga uwar maƙera ga guduma. Ni zan fara, ku amsa."

Ta buga huɗu. Mata suka amsa. Maza suka dubi juna, wani ƙato a baya ya ce, "Ni gatari nika ƙerawa," ya sauke dunƙule, sauran suka bi. Ta raba na uku biyu, suka raba. Ta ga Dakta Habibu ya rubuta wani abu.

Sai farar hula ta tashi.

"Malama, ina da tambaya."

"Ina ji, Junaidu."

"Abin ga da muka yi, kiɗi na ko ba kiɗi ba na?"

Diddige suka tsaya. Dakta Habibu ya ɗago kai, ya aje biro. Rifkatu ta ga ramin ta kowane gefe. In ta ce ba kiɗa ba ne, ta ƙaryata kan darasinta a gaban mai ba da maki, ga shi rubuce a allo. In ta ce kiɗa ne, goma za su harɗe hannu, maza su bi su, a koma Litinin. Ta taga tana hango gefen rigar Malam Sa'ad.

"Ba zan ruɗe ka ba," ta ce. "Makaɗi da wannan yake aiki. Maƙeri ma da shi, mai daka ma da shi, kai ma da shi ka tako daga gida. Awon lokaci ne. A littafi kuma, a babin kiɗa yake."

"To ni ba ni bugawa."

Ya zauna ya harɗe hannu. Ɗaya bayan ɗaya, takwas suka bi shi, mata uku a ciki. Sauran maza suka fara sassauta dunƙule suna kallon inda iska za ta kaɗa. Minti goma sha huɗu sun tafi. Rifkatu ta dubi kwalayen da ke kan tebur don kawai ta sami inda za ta kai ido, sai alamar nan mai kama da walƙiya ta dube ta.

"Na yarda," ta ce. "Ba za ku buga komai ba. Ku taso nan gaba, ku tara."

Suka fito a ɗarare kamar masu jiran bulala.

"A cikin huɗun nan akwai ɗaya da ba a bugawa. Shi ne naku. Ku ƙirga a zuci. In an zo na huɗu, ku buɗe hannu haka, kowa ya gani. Ba sauti. Ko shi ma an hana a gida?"

Junaidu ya yi tunani da gaske, har ya ɗan karkata kai. "Shiru ba a hana shi ba."

"To ku riƙe shi. Duk wanda ya buga a cikinsa, ya shiga gonarku."

Ta ɗaga kwali na uku, ta nuna alamomin da yatsa: sanda, sanda, tagwaye, walƙiya. Ɗaya, biyu, uku-da, hannaye tara suka buɗe. Amma mutum wajen ashirin suka faɗa cikin shirun, bum. Aka sake, goma suka faɗa. Hannu in ya saba sauka ba ya son tsayawa, kuma da aji ya ji daɗin abin sai ya fara gudu. Kowane zagaye ya fi na baya sauri, diddige ya koma tafin ƙafa, 'yan baya suka fara haɗawa da gwiwa a jikin benci. Ƙarar ta kumbura. Aka buga bango daga ɗakin jarrabawa, sau biyu. Inuwar Malam Sa'ad ta cika ƙofa, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shigo.

Ta ɗaga jan kwali.

Shirun ya faɗo gaba ɗaya, kamar an kife kwano a kan kaza. Har ana jin takardun masu jarrabawa. Ƙafar Malam Sa'ad ta tsaya inda take.

"Malama," in ji Junaidu, ransa a ɓace sosai, "su ka ci muna wuri. Lawwali na, da wancan mai gatari. Sau huɗu ina ƙirga."

Aji ya fashe da dariya, ta sake ɗaga kwali, dariyar ta yanke. "Kun ji mai gona. Kuma kun yi gudu. Ku dubi ƙafata, kada wanda ya riga ta." Ta ɗauki zoben nan mai faifai biyu da ta taho da shi daga ɗakin ajiya, ta riƙe faifan da yatsa don kada su yi kuka, tana taɓa katakon a cinya a kan kowane bugu. Ta ja awon baya, a hankali fiye da farko.

Ɗaya, biyu, uku-da.

Babu ko ɗaya. Mutum saba'in da ɗaya suka bar wurin fayau, hannaye tara a buɗe, sannan dunƙule sittin da biyu suka sauka tare a kan ɗaya. Sau takwas a jere. Da ta waiga, ƙofa ba kowa.

Sauran ya tafi da gudu. Maza suka ɗauki kwali ɗaya, mata suka amsa da wani. A gwaji ta buga jeri ta ce a nuna kwalinsa, yawanci suka nuna daidai. Ta ce wa zai rubuta nasa bugu huɗu a allo. Sadiyatu ta rubuta biyar, aka gyara mata. Junaidu ya karɓi alli ya zana walƙiya, sanda, walƙiya, sanda, da kyakkyawan hannu irin na mai rubutun allo, aji ya buga shi, ya zauna daram. Ta ba shi goma bisa goma. An kaɗa ƙararrawa tana tsakiyar ba da aikin gida.

A ƙarƙashin itacen dogon yaro Dakta Habibu ya tsaya yana fifita da littafinta.

"Hausa ta yi yawa, da Turanci aka ce ki koyar. Kin zarce da minti uku. Kayan aiki kuma, kwalin taliya." Ya juya shafi. "Waɗancan taran da kika fitar gaba, ban gan su a tsarinki ba."

"Babu su, yallaɓai."

"Na rage biyu don kin kauce wa abin da kika rubuta." Ya sa hannu, ya miƙo mata. "Gobe ki rubuta shi tun daga gida. A kowane aji za ki same su."

Sai da mashin ɗinsa ya fita ƙofa ta iya dubawa. Hamsin da shida. Ta zauna a kan tushen itacen.

Da la'asar sakaliya tana kwance a tabarma, takardar a kan ƙirji, Gloria na karanta lambar a karo na uku tana cewa a kira Kagoro. Sai ga kan Inna Zulaihatu ya ɓullo ta saman katanga, ta taka wani abu daga can.

"Malama, an ce an ci. Barka, barka."

"Na gode, Inna. Da hannunki a ciki."

"Amma Sadiyatu ta dawo tana kumburi. Ta ce ita tab buga har tahin hannunta ya yi ja, kin ba ta bakwai. Ɗan gidan malamai ko sau guda bai buga ba, kin ba shi goma." Ta gyara tsayuwa, ta dubi Rifkatu, ta dubi Gloria. "Ni ku gaya min, yanzu a boko wanda bai yi komi ba shi ka zuwa na ɗaya?"